Wasiƙar Ma'aji ga Kwamitin Masallaci: Me Ya Sa Ba a Biyan Kuɗin Wuta da Kuɗin Rufi?

  

Batun da aka ɗora mini ƙarami ne a ido, domin a kan takarda guda ɗaya yake. Takardar ita ce wasiƙar da ma'aji yake rubuta wa kwamitin masallacinsa a ranar da aka ce masa ya taɓa kuɗin da jama'a suka bayar don wani aiki na musamman, a biya kuɗin wuta da man janareta da alawus ɗin ma'aikata, shi kuma ya ce a'a. Abin da nake so in tabbatar a yau shi ne wannan a'a ɗin daidai ce, kuma wajibi ne a rubuce take, domin kuɗin da ake gani a asusun banki na masallaci ba duka ne na kwamiti ya juya yadda ya so ba. Zan bi maganar ta matakai biyar: misalin da za mu yi aiki da shi, hujjar ma'aji, wasiƙar kanta, ƙorafe-ƙorafen da za a yi masa, sannan mafita.

Na ɗaya: miliyan tara a banki, dubu ɗari shida a hannu

Mu ƙaddara wani masallacin Juma'a na unguwa. Ba wani masallaci takamaimai nake nufi ba, kuma alƙaluman na misali ne, don haka kada kowa ya waiga ya dubi maƙwabcinsa. A ƙarshen wata, takardar banki ta nuna akwai naira 9,400,000 a asusu. A teburin sakatare kuma ga bashi: alawus ɗin liman da na'ibi da ladan da mai gadi da mai shara na wata biyu, naira 520,000, kuɗin wuta na wata biyu, naira 420,000, mai gidan man da ke ba da dizal bashi yana bin naira 360,000. Jimla naira 1,300,000. Duk wanda ya ɗora waɗannan lambobi biyu gefe da gefe zai ce: ina matsalar? Mutum yana da miliyan tara, ana bin sa miliyan ɗaya da ɗan wani abu, ai sai ya biya ya huta. Wannan tunani shi ne yake shiga zauren kwamiti, kuma mutanen kirki ne suke shigo da shi, ba ɓarayi ba.

Amma ma'aji yana da littafin da takardar banki ba ta da shi. A littafinsa, naira 6,000,000 kuɗin rufi ne, waɗanda aka tara bayan liman ya tsaya ya ce kwano yana yoyo, a taimaka a sake shi kafin damina. Naira 1,500,000 wata baiwar Allah ce ta kawo, ta ce a sa sola sadaka ga mijinta da ya rasu. Naira 900,000 zakka ce da wasu 'yan kasuwa suka damƙa wa masallaci ya raba. Naira 400,000 daga akwatin da aka rubuta wa "Marayu" suka fito. In aka cire waɗannan huɗu, abin da ya rage naira 600,000 ne, daga taron Juma'a da akwatin ƙofa. Wannan kaɗai ne kuɗin hidimar yau da kullum. Ashe masallacin ba shi da rarar miliyan takwas. Giɓin naira 700,000 yake da shi.

Daga ina giɓin ya fito? Abin da yake shigowa na hidima a wata naira 480,000 ne, abin da yake fita naira 620,000, wato kowane wata ana nitsewa da naira 140,000, kuma an yi wata biyar a haka. Ba sai na gaya muku dalili ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, hidimar masallaci ta yi tsada, alhali hannun da ke jefa kuɗi a akwati bai ƙara nauyi ba. Ku riƙe wannan lamba ta 140,000, za mu dawo kanta, domin ita ce za ta raba mana gardama nan gaba.

Na biyu: wa ya mallaki kuɗin, kuma ta yaya ake gane mai sharaɗi?

Tushen hujjar ma'aji tambaya ce guda: in mutum ya miƙa wa kwamiti kuɗi ya ce a yi rufi, kwamiti ya zama mai kuɗin ne, ko ya zama wakili? Amsar fiƙihu ita ce wakili. Wakili kuwa iyakarsa abin da aka wakilta shi. Wanda ka aika kasuwa da kuɗin buhun shinkafa, in ya dawo da barguna ya ce ya ga sanyi ya fi yunwa damun gidanka, ko da gaskiyarsa a kan sanyin, ya saɓa, kuma ramuwa tana kansa. Alƙur'ani ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i, ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika ƙulle-ƙulle, kuma a aya ta 181 ta Suratul Baƙara ya ɗora laifi a kan wanda ya canza wasiyya bayan ya ji ta. Wannan aya ta ƙarshe a kan wasiyya take, amma darasinta ya wuce nan: wanda aka bar wa dukiya da bayani ba shi da ikon gyara bayanin don ya dace da buƙatarsa.

A babin hubusi, wanda wasu ke kira waƙafi, maganar ta fi fitowa fili. Sayyidina Umar ya sami gona a Khaibar, ya nemi shawarar Manzon Allah, aka nuna masa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Umar ya gindaya sharuɗɗa: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada, ya kuma ambaci waɗanda za a bai wa amfanin. Daga irin wannan ne malamai suka fitar da ƙa'idar cewa sharaɗin mai hubusi abin bi ne matuƙar bai saɓa wa shari'a ba, kuma haka yake a littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu. Na san wani ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce kuɗin rufi da aka jefa a faranti ba hubusi ba ne da lafazinsa, sadaka ce. Na yarda. Amma sadaka ce da aka ɗaure da manufa, aka ba wakili ya isar da ita. Ko ta ƙofar hubusi ka shiga ko ta ƙofar wakilci, ɗaki ɗaya za ka tarar: niyyar mai bayarwa ce take mulkin kuɗin. Masallatan da suka yi rajistar amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, sunan da hukuma ta ba su ma ya isa tunatarwa. Amintacce mai riƙo ne, ba mai shi ba.

To ta yaya ma'aji zai gane cewa kuɗi yana da sharaɗi? Ta hanyoyi uku. Ta farko bakin mai bayarwa, kamar baiwar Allahn da ta ce sola. Ta biyu bakin mai roƙo, kuma nan ne kwamitoci suka fi tuntuɓe. In liman ya ce a taimaka don rufi, wanda ya jefa naira ɗari biyar bai buɗe baki ba, amma ya amsa kiran da aka yi ne, don haka kalmomin sanarwar sun zama sharaɗinsa. Rubutun da ke jikin akwati ma haka yake. Ta uku shari'a da kanta. Zakka tana da gidaje takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙididdige, kuma mazhabobi huɗu ba su sa ginin masallaci ko hidimarsa a ciki ba. Wasu malamai na baya-bayan nan sun faɗaɗa ma'anar "tafarkin Allah", amma ɗan kasuwar da ya kawo zakkarsa ya ce a raba wa mabuƙata ya riga ya zaɓi gidan da za ta shiga. In aka biya kuɗin wuta da ita, ba kwamiti kaɗai aka jefa cikin matsala ba, an bar mutumin cikin shakkar ko farillarsa ta sauka.

Akwai abubuwa biyu da suke kama da sharaɗi amma ba shi ba ne, kuma ma'ajin da bai bambance su ba zai takura wa masallaci a banza. Na farko fata. Wanda ya ce, "Ga wannan, da an sa a rufi da na ji daɗi, amma duk inda kuka ga ya fi, ku yi," ya bayyana buri ne, ya kuma sakar wa kwamiti mara. Na biyu abin da kwamiti ya keɓe da kansa. In a zaman bara aka yanke a riƙa ware naira dubu ashirin daga kuɗin Juma'a don sayen sabuwar lasifika, wannan ɗaurin kwamiti ne, kuma hannun da ya ɗaura yana iya kwancewa a wani zaman, a rubuta a littafin taro. Ma'auni dai shi ne wa ya sa ƙaidin. In daga waje ya zo tare da kuɗin, kwamiti ba ya cire shi. In a cikin zaure aka sa shi, a cikin zaure ake cire shi.

Na uku: wasiƙar kanta

Me ya sa sai wasiƙa? Ba zai isa ma'aji ya faɗa da baki a taro ba? Ba zai isa ba, saboda mun san zaurenmu. Ma'aji sau da yawa ƙaramin kowa ne a kwamiti, yana zaune gaban sa'o'in mahaifinsa, kunya tana cin rabin maganarsa. Abin da aka faɗa da baki kuma bayan wata shida kowa da yadda zai tuna shi. Takarda tana ba dattijo damar ya karanta a gida shi kaɗai, ya sauya ra'ayi ba tare da an ga ya sauya ba. Ga yadda nake ganin ya kamata ta kasance a misalinmu:

"Zuwa ga Shugaba da Mambobin Kwamitin Masallaci. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto muku ne game da shawarar da aka kawo a zaman da ya wuce, cewa a ɗauki naira 700,000 daga kuɗin rufi a cike biyan alawus da kuɗin wuta da bashin dizal. Na yarda buƙatar gaskiya ce, kuma jinkirin haƙƙin malamanmu abu ne da yake damuna kamar yadda yake damun kowa. Amma ina neman afuwarku, ba zan iya sa hannu a kan wannan ba.

"A asusu akwai naira 9,400,000. Daga ciki, naira 6,000,000 na rufi ne, naira 1,500,000 na sola, naira 900,000 zakka, naira 400,000 na marayu. Namu na hidima naira 600,000 ne. Kuɗin rufi an tara su ne da sanarwar da aka yi a kan mumbari cewa na rufi ne, kuma haka aka rubuta a rasit ɗin waɗanda suka karɓa. Mu wakilan masu bayarwa ne a kansu, ba mu da izinin kai su wani wuri. Ko da sunan rance ne, ba mu da hanyar mayarwa, domin hidimarmu tana fin kuɗin shigarmu da naira 140,000 kowane wata.

"Ina ba da shawara kamar haka. A biya alawus ɗin wata biyu, naira 520,000, daga kuɗin hidima a wannan makon, domin haƙƙin mutane ne masu iyali. A bai wa mai dizal ragowar naira 80,000, a roƙe shi ya jira sauran. A nemi ofishin wuta su yarda da biya kashi-kashi. A yi sanarwa ranar Juma'a ta neman gudummawar hidima, a faɗi bashin da ya rage, naira 700,000, da lambarsa. A fara aikin sola ba da jinkiri ba, domin shi zai rage mana dizal. Na haɗa da takardar banki da kwafin littafin shiga da fita, kuma a shirye nake duk wanda kwamiti ya zaɓa ya duba su. Ina roƙon a sa wannan wasiƙa a littafin taro. Wassalam. Naku, Ma'aji."

Ku lura da abubuwa uku a cikinta. Ba ta zargi kowa ba, ta fara da yarda cewa buƙatar gaskiya ce. Ba ta tsaya a kan wa'azi ba, ta rarraba kuɗin gida-gida, domin yawancin mambobi ba su taɓa ganin asusun a rarrabe ba, kuma da yawansu ganin kawai ya ishe su. Sannan ba ta rufe ƙofa ta tafi ba, ta nuna wa za a biya yau, wa za a roƙa ya jira. Ma'ajin da ya ce a'a ya naɗe hannu ya sauke rabin nauyi ne, kuma shi yake sa a ɗauki masu riƙon amana a matsayin masu taurin kai.

Na huɗu: abin da za a ce masa

Ƙorafi na farko, kuma mafi daɗin ji: "Ai duk ɗakin Allah ne. Wanda ya ba da kuɗin rufi lada yake nema, in an kunna fitila da su ma zai samu." Lada na Allah ne, babu wanda ya isa ya yi masa iyaka. Amma tambayar da ke gabanmu ba ta lada ba ce, ta izini ce. Mutane suna zaɓar inda za su sa sadakarsu da gangan. Wadda ta ce sola don mijinta tana neman sadaka mai gudana ce, abin da zai yi shekaru yana haskaka sahu. Dizal kuwa a daren nan zai ƙone. In kwamiti ya musanya mata wancan da wannan, ya canza mata cinikin da ta ƙulla da Ubangijinta ba da saninta ba. Kuma in har gaskiya ne ba za ta damu ba, me ya hana a tambaye ta? Gidanta ba nisa. Duk lokacin da kwamiti ya ji nauyin tambayar mai kuɗi, to a ransa ya san amsar da zai samu.

Ƙorafi na biyu: "Larura ce, larura kuwa tana halatta abin da aka hana." Ƙa'idar gaskiya ce, amma tana da 'yar'uwa da ake mantawa, cewa larura gwargwadonta ake auna ta, kuma sai an rasa wata hanya. A misalinmu me zai faru in ba a taɓa kuɗin rufi ba? Mafi muni a yanke wuta, a yi salla da fitilar caji, ladan ya ɗaga murya. Wahala ce, ba halaka ba, kuma an yi ƙarnuka ana salla a ƙasar nan babu lasifika. Haƙƙin liman da mai gadi ya fi wannan nauyi, shi ya sa wasiƙar ta sa su a gaba da kuɗin da ke halal. Sannan bashin da ya ɗauki wata biyar yana taruwa a gaban idon kowa, da wuya a kira shi larurar da ta faɗo. Sakaci ne da ya girma.

Ƙorafi na uku shi ne mai haɗari, domin kamar hankali yake: "Ba ci za mu yi ba, rance ne, za mu mayar." A nan nake so ku tuno da 140,000. Mai rance yana biya ne daga rara. Asusun da kowane wata yake nitsewa, daga ina zai samo naira 700,000 ya mayar? In aka cike giɓin yau ba a gyara komai ba, bayan wata biyar wani giɓin na naira 700,000 zai tsaya a ƙofa, a shekara kuma naira 1,680,000. Ranar nan za a ce ai an taɓa yi, kuma hannu ba zai yi nauyin da ya yi a karo na farko ba. A ɗaya gefen, kafinta ya ba da farashin miliyan shida ne a kan kuɗin kwano da katako na yau. Duk watan da aka jinkirta, miliyan shidan tana raguwa a kasuwa ko ba a taɓa ta ba, balle an gutsure ta. Damina ta sauka, silin ya jiƙe, darduma ta ruɓe, aikin da ake shirin yi ya ƙaru. Sai kuma babbar asara, wadda ba ta shiga littafi: mutumin da ya ba da kuɗin rufi yana ɗaga kai ya ga ruwa yana ɗiga a sahu. Ba zai yi faɗa ba. Sanarwa ta gaba dai zai sa hannu a aljihu ya fito da shi wayam. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masallacin da aka fara raɗe-raɗin kuɗi a kansa, liman ne yake fara shan kunyar abin da bai ci ba.

Ƙorafi na huɗu yana da ƙarfi, kuma ba zan rage masa ba: "To in an gama rufin kuɗi sun ragu fa? Ko mai sharaɗin ya rasu? Ko aikin ya zama ba zai yiwu ba? Haka za mu zuba wa kuɗi ido har su lalace?" A'a. Fiƙihu bai bar dukiya ta zama gawa ba. Ayar da ta biyo bayan ta canza wasiyya ta ba da damar gyara inda mai wasiyya ya karkace. Malaman Hambaliyya sun halatta musanya hubusin da amfaninsa ya yanke, Malikiyya kuma, duk da tsananinsu a kan gidaje da filaye, sun yarda a sayar da abin hubusi mai motsi da ya daina amfani a sa kuɗin a irinsa. Amma ku dubi inda sassaucin ya nufa: zuwa ga abin da ya fi kusa da niyyar mai bayarwa. Ragowar kuɗin rufi silin da indararo da fentin da ruwa ya ɓata suka fi kusa da ita, ba dizal ba. Kuma wannan ƙofa tana buɗewa ne bayan an gama aikin ko ya gagara, da fatawar malami masani, da sanar da jama'a. A misalinmu ko ƙusa ɗaya ba a buga ba tukuna.

Na biyar: mafita, da alamomin da ake gane ɓaraka

Gyaran na gaskiya a bakin mai sanarwa yake farawa. Ku tuna a hubusin Umar an yarda mai kula da gonar ya ci daga amfaninta gwargwadon al'ada. Me ya halatta masa? An faɗa tun farko. Haka nan in kwamiti yana so wani kaso na kuɗin gini ya taimaki hidima, ya faɗa kafin a jefa ko sisi: "Muna neman kuɗin rufi, kashi goma cikin ɗari zai tafi hidimar masallaci, abin da ya ragu bayan an gama kuma zai shiga gyaran gini." A faɗa a kan mumbari, a rubuta a rasit da jikin akwati. Jimla ɗaya ce, amma da an yi ta a misalinmu, da naira 600,000 daga kuɗin rufi na hidima ne halal tsarkakakke. Bayan an karɓi kuɗi kuwa, hanya ɗaya ta rage, a koma ga mai shi. Mai babbar gudummawa a same shi, in ya amince ya rubuta ko ya faɗa a gaban shaidu. Masu faranti da ba a san su ɗaya-ɗaya ba su ne mafi wuyar warwarewa, domin shirun jama'a bayan sanarwa ba izinin kowane mutum ba ne. Shi ya sa ya fi sauƙi a roƙi sabon kuɗi da a nemi kwance tsoho.

Ma'aji kuma kada ya wuce gona da iri. Kuɗin motar da ta ɗauko kwano, da ladan 'yan dako, da man da aka zuba wa janareta don mai walda ya haɗa ƙarafan rufi, da cajin banki na tura wa kafinta kuɗi, duk aikin rufi ne, daga kuɗin rufi za su fita. Ma'aunin shi ne: da ba don wannan aiki ba, za a kashe wannan kuɗi? In ba za a kashe ba, na aikin ne. In ko da aikin ko babu sai an kashe, kamar alawus ɗin mai gadi, to hidima ce.

Ga 'yan kwamiti da masu bin salla da suke so su san ko asusunsu lafiya yake, akwai gwaji guda da ba ya buƙatar akanta. A tara duk kuɗin da ke da sharaɗi kamar yadda littafi ya nuna, a dubi abin da ke banki da hannun ma'aji. A misalinmu masu sharaɗi naira 8,800,000 ne. Duk ranar da asusu ya sauka ƙasa da haka alhali ba a sayi kwano ba, ba a raba zakka ba, to an ci amanar wani, ko da babu wanda ya sa sisi a aljihunsa. Sauran alamomin su ne rahoton da yake faɗin jimla ɗaya kawai, da rasit da ba ya nuna dalilin bayarwa, da gudummawar da ake turawa asusun wani mutum don wai ya fi sauƙi, da zakkar da take kwana wata da watanni a banki alhali mabuƙata suna bakin ƙofa. Maganin waɗannan sananne ne: asusun gini daban da na hidima, sa hannun mutum biyu ko uku kafin a fitar da kuɗi, da rahoton da ake liƙawa a allon masallaci gida-gida. Giɓin wata-wata kuma da kuɗin wata-wata ake toshe shi. Magidanta saba'in da za su ɗauki alkawarin naira dubu biyu kowane wata sun rufe 140,000 cif, kuma masallacin da ke da fili a bakin titi yana iya neman wanda zai gina shago ya yi hubusinsa don hidima, da wannan sharaɗin a rubuce.

Iyayena shugabannin kwamitoci, in irin wannan wasiƙa ta iso hannunku, kada ku karanta ta a matsayin rashin kunyar yaro. Wanda ya rubuta ta ya kare sunanku ne kafin nasa, domin da an fitar da kuɗin, sa hannunku ne zai kasance a kan takardar. Ku kuma ma'ajiya, ku rubuta da ladabi, ku kawo lambobi, ku kawo mafita, amma kada ku sa hannu. Kuɗin rufi na rufi ne har sai mai shi ya ce ba haka ba.